Kamfanin da ya ƙi ka bara ya sake buɗe ƙofa: ka koma, amma ka san abin da za ka riƙe a hannu

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina Jidda, aikin mukayyif nake yi, wato gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Bara na nemi aiki a wani babban kamfanin da ke kula da gine-ginen otal da asibiti. Na yi intabiyu, aka kai ni gwajin hannu, aka ba ni zanen wayoyin wata fakej, wato babban mukayyif da duk kayansa ke cikin akwati guda, da ta ƙi tashi, na daɗe ban gano matsalar ba. Bayan mako biyu suka turo saƙo cewa ba su ɗauke ni ba, babu wani bayani. Yanzu wata goma sha ɗaya ke nan, kuma tun lokacin ina aiki ƙarƙashin wani malamin cila, wato injin da ke sanyaya ruwan da ake sanyaya babban gini da shi. Sun sake neman ma'aikata. In sake nema? In gaya musu na taɓa zuwa, ko in yi shiru?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Ka sake nema, kuma ka gaya musu da bakinka tun a layin farko na takardarka.

Bari in fara da batun shirun, domin shi ne ya fi sauƙin yankewa. Na daɗe ina shugabantar sashen gyara a wannan fanni, kuma ina zama a teburin da ake tantance masu neman aiki. Duk kamfanin da ya kai girman wanda ka kwatanta yana ajiye bayanan masu nema a kwamfuta, kuma da lambar igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, da lambar waya ake ajiye su. Sunanka yana iya canzawa a rubutu, yau Muhammad gobe Mohammed, amma lambar igama guda ce. Ma'aikacin ofishin ɗaukar aiki yana shigar da ita zai ga ranar da ka zo bara, wanda ya gwada ka, da ɗan abin da ya rubuta a kanka. Ko da babu kwamfuta ma, fomanin da ya tsaya a kanka lokacin gwaji ba zai manta fuskarka cikin shekara guda ba. In ka yi shiru sannan aka gano, tambayar da za ta zo a ran mai tantancewa ta tashi daga "ya iya aiki?" ta koma "me kuma yake ɓoyewa?" Mutumin da za a ba makullin ɗakin injin asibiti shi kaɗai da tsakar dare, ba a son irin wannan tambaya a kansa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan ma babu abin ɓoyewa, don rashin cin gwaji ba laifi ba ne.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ka san a wace ƙofa aka tsayar da kai. A ƙasar nan baƙon ma'aikaci yana iya faɗuwa a wurare daban-daban, kuma saƙon da ake turowa iri ɗaya ne ga kowa. Wani tun a takardu ake ajiye shi: mihnar, wato sana'ar, da ke rubuce a igamarsa ba ta dace da aikin ba, ko kafalarsa ba za ta ɗauku ba, wato ba za a iya mayar da shi ƙarƙashin sabon kamfani ba. Wani kuma ya ci komai, amma kamfanin ne ba shi da gurbin baƙo a lokacin. Tun 2011 tsarin Niɗaƙat yake auna kowane kamfani da adadin 'yan ƙasa da ya ɗauka, yana ba shi launi. Kamfanin da ya faɗa ja ba ya samun sabuwar biza, ba a kuma yi masa naƙalin kafala. Wanda ke dab da faɗawa can ma yana lissafin kowane baƙo kafin ya ƙara shi. Na sha ganin mun zaɓi mutum muna murna, ofis ya dawo mana da fayil ɗinsa ya ce babu hali a wannan wata. Irin wannan mutumin bai da abin gyarawa a hannunsa, lokaci kawai yake jira.

Yadda za ka gane naka ba shi da wuya. Wanda ba a kira shi ko sau ɗaya ba, matsalarsa tana cikin takardu. Wanda aka gwada, aka fara yi masa maganar albashi da masauki, aka karɓi hoton igamarsa da fasfo, sannan aka yi tsit, yawanci gurbi ne ko kafala ko kuɗi. Wanda aka gwada, ba a taɓa maganar albashi ba, saƙo ya biyo baya, gwajin ne. Kai a nan kake, kuma a wurina wannan shi ne mafi kyawun matsayi, domin abin da ya kayar da kai abu ne da ake koya, kuma ana iya nuna an koye shi cikin minti ashirin.

To me suka gani a ranar? Zan faɗa maka abin da nake kallo idan na ajiye mutum a gaban fakej da ta ƙi tashi. Ba saurinsa nake aunawa ba. Ina duba ko zai kashe wuta daga tushe ya tabbatar da mita kafin ya sa hannu cikin akwatin. Ina duba ko zai buɗe zanen ya ɗora yatsa a kan taransifoma ya bi layin kwantirol mai bolt 24 mataki mataki: daga taransifoma zuwa tamostat, daga nan zuwa makunnin kariya na hawan matsi da na saukar matsi, har ya isa kwayil ɗin kwantakta, wato makunnin da ke ba kwamfireso wuta. Wanda ya taso a aikin sifilit, ƙananan mukayyif na gidaje, hannunsa ya saba da gajeriyar hanya. Yana zuwa sai ya ce kafasita ce, ko gas ne ya ƙare, ko ya ɗauki sukundireba ya danna kwantakta ya ga ko kwamfireso zai tashi. A gidan mutum sau da yawa wannan yana fitar da shi kunya, don matsalolin sifilit ba su da yawa. A otal kuwa, danna kwantakta da hannu yana nufin ka tsallake duk kariyar da aka sa wa injin, kuma in makunnin hawan matsi ne ya yanke saboda fankar waje ta mutu, kana iya ƙona kwamfireso mai tsadar gaske. Ina kyautata zaton abin da aka rubuta a fayil ɗinka bai wuce layi ɗaya ba: hannunsa ya iya, amma ba ya karanta zane. Wannan layin ne takardarka ta yanzu za ta amsa. Ba sai ka amsa abin da ba a tuhume ka da shi ba.

A nan ne mafi yawan masu dawowa suke ɓata damarsu. Suna rubuta cewa sun ƙara ƙwarewa, sun koyi darasi, sun zama masu haƙuri da juriya. Duk wannan magana ce da wanda ya kwana shekara yana barci ma zai iya rubutawa. Mai tantancewa yana riƙe da takardarka ta bara a hagu, ta bana a dama, yana neman abin da ke cikin ta dama wanda babu shi a ta hagu. In kwanan wata ne kaɗai ya canza, hukuncin bara ne zai tsaya, kuma bai zalunce ka ba.

Saboda haka ka zauna da littafi ka rubuta abin da ka yi a watannin nan da sunansa da adadinsa. Cila nawa ce a ginin da kake aiki, tan nawa kowace, mai sanyaya da iska ce ko da ruwa? Kai kake ɗaukar karatun safe, ko kana riƙe wa malaminka fitila ne kawai? Ka san ruwan sanyi yana fita wajen digiri 7 ya dawo wajen digiri 12, kuma ka san abin da za ka fara dubawa in tazarar ta ragu ta koma digiri biyu? Matsalar wuta nawa ka gano da kanka ta hanyar bin zane? Ka zaɓi guda ɗaya da kake tuna ta daki-daki, wadda za ka iya ba da labarinta daga ƙarar da aka kawo har zuwa lokacin da injin ya tashi. Kada ka ƙara gishiri ko kaɗan. In aikinka a kan cila wankin kwandensa ne da ɗaukar karatu, ka ce haka. Wanda ya rubuta "ƙwararre a cila" zan tambaye shi abin da ƙwararre ya kamata ya sani, kuma a tambaya ta uku zai zube. Wanda ya rubuta "ina ɗaukar karatu, ina wanke kwandensa, ina taimakawa a babban sabis" zan tambaye shi daidai nan, ya amsa, in yarda da sauran abin da ya faɗa.

Sannan ka nemi abin da zai tsaya maka shaida ba tare da kai ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya, a sashe na 64, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki kyauta idan yarjejeniya ta ƙare kuma ya nema, a rubuta ranar da ya fara, ranar da ya bari, da irin aikinsa. In akwai wurin da ka bari a baya ba ka karɓi taka ba, ka koma ka karɓa, kuma in da hali a buga mata hatimin Gurfa Tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, don ofisoshi sun fi natsuwa da ita haka. Wurin da kake yanzu kuwa, yarjejeniyarka da ke cikin Qiwa, shafin intanet na gwamnati da ake rajistar yarjejeniyar aiki a ciki, ta isa ta nuna kana nan tun yaushe. In ka ci jarrabawar fahasul mihni, wadda aka fara a 2021 don tantance masu sana'ar hannu kuma aikin sanyi yana cikinta, ka sa sakamakon a gaba-gaba, domin tana da ɓangaren rubutu da na aiki, kuma ba kai ka ba kanka makin ba. Shaida mafi ƙarfi duk da haka ita ce malamin cilar nan naka. In zai yarda a kira shi, ka nemi izininsa tukuna, ka gaya masa ainihin abin da ya faru bara. Mu masu wannan sana'a a Jidda mun san juna fiye da yadda kake zato, kuma minti biyu a waya da wanda ya ga aikinka ya fi mini shafi biyar.

Takardar kanta gajera ce. Da Larabci ko Turanci za ka tura ta, amma ga ma'anar da nake so ta ɗauka:

"Na nemi wannan aiki a wurinku bara, na yi intabiyu da gwajin hannu, ba a ɗauke ni ba. A gwajin na yi jinkiri wajen bin zanen wayoyin fakej. Tun daga lokacin ina aiki a wani gini mai cila biyu da fakej goma sha huɗu, ƙarƙashin babban ma'aikaci, kuma yanzu ni nake bin matsalolin layin kwantirol da kaina. Igamata tana da rai, mihnata ta dace da aikin, kuma kafalata za ta ɗauku. Ina roƙon a sake gwada ni a kan irin injin da aka gwada ni a kai."

Ka sa naka adadin a madadin waɗannan da na misalta. Ka lura da yadda aka raba ta. Maganar bara jimla biyu ce, babu ban haƙuri, babu kame-kame. Ba a ce ranar ba ka da lafiya ba, ko zanen ya goge, ko mai gwajin ya matsa maka, ko da kuwa haka ne. Akwai yiwuwar mutumin da ya gwada ka shi ne zai karanta, kuma ba wanda ke son ɗaukar ma'aikacin da ya fara da cewa hukuncinsa kuskure ne. Idan ka ambaci rauninka da sunansa, kana gaya masa cewa idonsa ya gani daidai, kai ma ka gani, ka je ka yi aiki a kai. Layin ƙarshe kuma shi ne ya fi duka amfani, don ya sauƙaƙa masa. Ba ka ce ya yarda da kai ba, ka ce ya ba ka injin da mita ya tsaya ya kalla.

Wasu za su ce maka ambaton rauni kai ƙarar kanka ne. Da a ce ba su sani ba, da maganar ta yi ma'ana. Sun sani, a rubuce yake. Abin da ba su sani ba shi ne ko kai ka sani.

Sai layin igama, kuma kada ka raina shi. Kafin ka rubuta cewa kafalarka za ta ɗauku, ka tabbata. Tun watan Maris na 2021 ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani wurin ba tare da amincewar kafilinsa ba idan yarjejeniyarsa ta ƙare, ko kuma idan ya cika shekara da shigowa ƙasar kuma ya ba da sanarwar da ake bukata. Ta Qiwa ake yi: sabon kamfani ya turo tayi, kai ka karɓa daga naka shafin. Ka shiga ka duba ranar da yarjejeniyarka za ta ƙare da abin da aka rubuta game da barin aiki kafin wa'adi, don kada murnar sabon wuri ta jawo maka biyan diyya a tsohon. In kuma igamarka ta aikin gida ce, irin direban gida ko ma'aikacin gida, wannan tsari bai shafe ka ba, hanyarka daban ce kuma ta fi tsawo. Haka batun mihna: doka ta hana kamfani sa mutum aikin da ba shi ne a takardar izinin aikinsa ba, don haka in har yanzu lebura aka rubuta maka, ka faɗa musu tun farko su san ko za su iya gyara ta. Babban kamfani da ke aiki a asibiti ba zai yi kasada da wannan ba komai iyawarka. Gara su ji daga bakinka a ranar farko da su gano bayan sun gama zaɓarka.

Game da lokaci, wata goma sha ɗaya ya isa. Ni a ganina ƙasa da wata shida bai cika ba mutum damar canza wani abu na gaske a sana'ar hannu ba, sai dai in takarda ce ta hana shi kuma ya gyara ta, wannan ko bayan mako uku ya dawo. Tunda su ne suka yi talla, ba ka da abin jira. Kamfanonin kula da gine-gine suna neman masu sanyi ne idan sun ci sabuwar kwangila, ko zafi ya gabato, ko azumi da aikin Hajji sun matso otal-otal za su cika, kuma a irin wannan lokaci gurbin ba ya daɗewa. Ka bi hanyar da suka faɗa a tallar, ka cike abin da suka ce a cike. Bayan haka, in kana da lambar fomanin ko injiniyan da ya gwada ka, ka tura masa saƙo guda ɗaya a ranar aiki, tsakanin Lahadi da Alhamis, da safe: sallama, sunanka, cewa ya gwada ka bara a kan fakej, ka sake nema, kana fatan ya sake duba ka. Guda ɗaya ya isa. In bayan kwana goma ba ka ji komai ba, ka ƙara guda, daga nan ka bari.

Akwai abin da 'yan uwanmu suke yi da nake so ka kauce masa, wato tura babban mutum ya je ya yi roƙo. Sanayya tana aiki a nan kamar ko'ina, ba zan ce maka ba ta yi ba. Amma akwai bambanci tsakanin wanda zai ce "na ga aikinsa, ku gwada shi" da wanda zai ce "yaronmu ne, yana da iyali, ku taimaka". Na farko yana ƙara wa takardarka nauyi. Na biyu yana sa fomani ya ji an ɗora masa kai, kuma ko an ɗauke ka za ka shiga da wannan tabon. In akwai Bahaushe a cikin kamfanin, abin da za ka nema a wurinsa labari ne: wace kwangila suka samu, wane irin inji ne a wurin, wa ke gwaji yanzu. Da wannan za ka san abin da za ka maimaita kafin ranar.

Ranar intabiyu za a tambaye ka, ko kai tsaye ko a kaikaice, me ya canza. Ka amsa da labarin nan guda da ka shirya, cikin minti biyu. Misali: an kawo ƙara cewa fakej ɗin wani sashe tana hura iska amma ba sanyi. Na kashe wuta, na buɗe zane, na mayar da wuta na auna, na samu bolt 24 yana fitowa daga taransifoma, tamostat yana kira, amma wutar ba ta isa kwantakta ba. Na bi layin na samu makunnin hawan matsi a buɗe. Ban haɗe shi ba, na nemi abin da ya buɗe shi, na tarar fankar kwandensa ba ta juyawa, kafasitarta ta kumbura. Na canza ta, na wanke kwandensa, na tayar da injin, na auna amfiya da matsi na rubuta. Duk wanda ya san aikin, in ya ji wannan jerin, ya san ba haddace shi aka yi daga waya ba, musamman wurin da ka ce ba ka haɗe makunnin ba. A gwajin hannu ma haka za ka yi, kana aiki kana faɗin abin da kake yi da dalilinsa. In ka maƙale, ka ce ga inda na tabbatar lafiya lau, ga inda nake zargi, ga abin da zan auna gaba. Shirun da ka yi bara kana jujjuya takarda, ina jin ya cuce ka fiye da jinkirin kansa, domin mai gwaji ba ya ganin abin da ke cikin kanka sai ka furta.

In maganar albashi ta zo, kada ka karya farashinka don kunyar bara. Ka faɗi abin da kake karɓa yanzu da abin da kake nema, ka tambayi masauki da mota da kuɗin ƙarin lokaci, ka ga an rubuta su a tayin da zai zo ta Qiwa kafin ka danna amincewa. In sun nuna shakka, lokacin gwaji na farkon aiki yana nan, wanda doka ba ta bari ya wuce kwana 180 ba, kuma kana iya ce musu su auna ka a cikinsa. Amma ka tuna a wannan lokacin yawanci kowane ɓangare yana iya raba gari, don haka ka karanta abin da aka rubuta a kansa da kyau, kuma kada ka ajiye aikin da ke hannunka sai tayin ya iso shafinka ka gan shi da idonka.

In kuma aka sake cewa a'a, a wannan karon kada ka tafi ba ka tambaya ba. Kafin ka bar ɗakin gwajin ka ce wa fomanin: Malam, in akwai abu guda da kake ganin ya rage mini, ina so in ji. Ofis ba ya ba da dalili a rubuce, amma mai sana'a a tsaye gaban inji yakan faɗa, kuma abin da ya faɗa ɗin za ka kai wa malamin cilarka ku fara aiki a kansa tun washegari. Allah Ya sa ka dace, Ya sa albarka a hannunka.